Amshin da Ya Yi Kama da na Wani: Yadda Aka Auna Shi, Aka Sake Gina Shi

Asalin lamarin

Marubuciyar matashiya ce, ta kai shekara uku tana rubuta waƙa, kuma wannan ce ta farko da za ta fitar da muryarta. Waƙar tana da baiti uku, kowanne ƙwar huɗu, sai amshi shi ma mai ɗango huɗu, jimilla ɗango 16. Ta rubuta ta ne a kan yayanta, wanda ya yi tafiya shekaru da suka wuce, ya riƙa kiran waya jifa-jifa, daga baya aka daina jin ɗuriyarsa. Baitocin sun ba ta wahala, ta yi ta gogewa tana sakewa. Amshin kuwa a zama ɗaya ya zo mata, tare da karinsa, kuma shi ta fi alfahari da shi:

Na bar fitila a kunne har ka dawo,
Na bar taga a buɗe ko ka hango,
Hadari ya haɗo, iska ta kaɗo,
Hasken ya ɗauke, ni ban bar jira ba.

An riga an haɗa kiɗa, an sa ranar ɗaukar murya, saura mako biyu.

Makon farko: inda aka fara jin kamannin

A wajen gwaji ne mai haɗa kiɗan ya tsayar da ita bayan ta rera amshin sau biyu. Ya ce kunnensa ya san wannan wurin. Ya ɗan yi shiru, sai ya rero wani amshi daga wata waƙar soyayya da ta yi tashe kimanin shekara goma sha biyar baya:

Na bar fitila a kunne don ka dawo,
Na bar ƙofa a buɗe ko ka leƙo,
Ruwa ya sauko, iska ta taso,
Fitila ta mutu, ni ban daina jira ba.

Ta ce ba ta san waƙar ba. Da aka nemo ta aka kunna, kafin mawaƙiyar ta kai ɗango na biyu bakin marubuciyar ya riga ya fara bi. Waƙa ce da ake yawan sawa tana ƙarama, ba ta taɓa riƙe sunanta ko sunan mai ita ba, amma tana nan kwance a kanta.

Aka ɗage ranar ɗaukar murya. Mai haɗa kiɗan ya haɗa ta da wani dattijon marubuci da ya daɗe yana duba wa mawaƙa rubutu kafin su shiga sitidiyo. Maganarta ta farko gare shi ita ce, "Wallahi Malam, ban kwafa ba." Ya ce ya yarda, amma ba wannan ce tambayar ba. Ya ba ta labarin mawaƙin Birtaniya George Harrison, wanda wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a 1976 cewa waƙarsa "My Sweet Lord" ta ɗauko karin "He's So Fine". Alƙalin da kansa ya yarda cewa Harrison bai yi da gangan ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta miƙo masa abin da ta taɓa ji a matsayin sabo, amma hakan bai wanke shi ba. Abu biyu ake dubawa: ko mutum ya sami damar jin waƙar farko, da kuma ko kamar da ke tsakanin biyun ta yi yawa a wurin da ke da muhimmanci. Na farkon ba gardama a kansa, tun da bakinta ya ba da shaida. Aikin duk yana kan na biyun.

Mako na biyu: awo

Malam bai fara da amshin ba. Ya sa ta rubuta waƙoƙin biyu gaba ɗaya a takarda guda, tata a dama, tsohuwar a hagu, ɗango yana fuskantar ɗango. Dalilinsa shi ne wanda ya tsorata yakan ga sata a ko'ina, wanda yake kare kansa kuma ba ya ganin ta ko kaɗan, to gara takarda ta yi magana.

A cikin ɗango 12 na baitoci, wuri biyu kawai suka haɗu. Dukansu sun ce dare ya yi tsawo, dukansu kuma sun kawo karin maganar nan ta komai nisan dare gari zai waye. Malam ya ja layi a kansu ya ce a wuce. Karin magana kayan kowa ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana jiran wani ya san dare da tsawo. Haka jigon kansa: kewar wanda ya tafi ba mallakar kowa ba ce. Wannan ba ra'ayin Malam kaɗai ba ne, ƙa'ida ce da ke rubuce a yarjejeniyar kasuwanci ta duniya ta TRIPS ta 1994, cewa haƙƙin mallaka yana kare yadda aka faɗi abu, ba ya kare ra'ayin da aka faɗa.

Da aka zo amshi sai lissafi ya sauya. Kowane amshi yana da kalma 30, kuma 20 daga ciki iri ɗaya ne, a gurbi ɗaya: bakwai cikin takwas a ɗangon farko, shida cikin takwas a na biyu, uku cikin shida a na uku, huɗu cikin takwas a na ƙarshe. Ta tambaya ko akwai adadin da idan ba a kai shi ba an tsira, domin ta sha jin ana cewa kalma kaza ko daƙiƙa kaza ba laifi. Ya ce babu irin wannan adadi, zance ne da ke yawo a bakin mawaƙa. Ɗango ɗaya tak yana iya zama matsala in shi ne wanda kowa ya san waƙar da shi, kalma ashirin kuma suna iya zama ba komai in duk irin su "na" da "a" da "ka" ne a warwatse.

Daga nan ya sa ta ajiye ƙirgen kalmomi, ta faɗa masa abin da kowane ɗango yake yi, da maganar baka, ba tare da amfani da kalmar waƙar ko ɗaya ba. Ta yi wa tsohuwar: mai magana ta tanadi haske saboda wanda ya tafi, ta buɗe masa hanya, yanayi ya juya mata baya, hasken ya ƙare amma ita ba ta sare ba. Ya ce to yi wa taki. Ta buɗe baki, sai ta ga jimlolin nan huɗu ne za ta maimaita, a jere ɗaya.

Akwai sauran abu biyu da ya nuna mata. Amsa-amon duka biyun ya tafi a kan "o" sau uku, sannan ɗango na huɗu ya karya shi ya ƙare da "jira ba". Wannan karyawar dabara ce, ita ke sa mai sauraro ya ji nauyin ɗangon ƙarshe, kuma marubucin farko ne ya zaɓi ya yi ta a nan. Na biyu, tsawon ɗangogin: na farko gaɓa 12 ne a duka biyun, na biyu 11, masu nauyi da marasa nauyi kusan a wuri ɗaya. Shi ya sa ana iya ɗora kalmominta a kan karin tsohuwar waƙar su zauna daram. Ya sa ta gwada, suka zauna.

Mako na uku: musanyar kalmomi

Abin da ya fara zo mata shi ne abin da ke fara zo wa kowa. Ta zauna da amshin ta bi shi kalma-kalma tana neman madadi, ta dawo da wannan:

Kyandir na kunna saboda ka komo,
Labule na yaye ko za ka waiwayo,
Guguwa ta taso, sanyi ya shigo,
Wutar ta mutu, amma ina nan tsaye.

A ido ya yi nisa da na asali. Babu fitila, babu ƙofa, babu iska, babu jira. Malam bai ce komai ba, ya nemi a gwada shi a kan mutane. Aka samo mutum biyar da suka san tsohuwar waƙar amma ba su san abin da ake ciki ba, aka karanta wa kowannensu sabon amshin shi kaɗai, ba rerawa, ba kiɗa, aka tambaye shi ko ya tuna masa da wani abu. Karantawa aka yi da gangan, don kada kari ya tona asiri, a bar kalmomin su tsaya da ƙafarsu. Huɗu suka kawo tsohuwar waƙar, biyu daga ciki tun kafin a kai ɗango na uku.

Da aka koma kan takarda sai ga wani abin dariya. A wajen gudun kalmomin da suka yi kama, ta ɗauko "ta taso" da "ta mutu", waɗanda babu su a rubutunta na farko amma suna cikin tsohuwar waƙar. Tun da jerin tunanin bai sauya ba, duk madadin da ta nema daga rumbu ɗaya yake fitowa da wanda marubucin farko ya ɗiba. Jimlolin nan huɗu na maganar baka suna nan yadda suke, "o" uku da karyawa a na huɗu suna nan, kuma har yanzu amshin yana hawa tsohon karin. An sake wa gida fenti ne, ginin bai motsa ba.

Ya kuma yi rauni a matsayin waƙa. "Saboda ka komo" ya fi "har ka dawo" nauyi a baki, kuma ɗangon ƙarshe ya rasa kaifinsa. Malam ya kawo mata misalin mawaƙin Amurka Johnny Cash, wanda "Folsom Prison Blues" ɗinsa ta 1955 ta ginu a kan "Crescent City Blues" ta Gordon Jenkins ta 1953. Cash ya sauya mai magana daga mace mai burin barin gari zuwa ɗan fursuna, ya sauya ɗangogi da dama, amma ya bar jirgin ƙasan da ake jiyowa a buɗewa, ya bar jerin baitocin da wasu ɗangogin kusan yadda suke. A farkon shekarun 1970 ya biya Jenkins kimanin dala 75,000 aka sasanta.

Mako na huɗu da na biyar: neman hujja, neman izini

Ganin musanya ba ta yi ba, sai ta juya wajen kare rubutun farko. Ta sa ɗangonta na ɗaya a injin bincike na intanet, ta sa shi cikin alamar zance, ta kuma gwada shi gutsure-gutsure. Ta sami fitilar da aka bari a kunne saboda matafiyi a waƙoƙi da rubutattun baitoci da dama, cikin harsuna daban-daban, wasu sun girmi tsohuwar waƙar nesa ba kusa ba. Ta zo da su da murna: in kowa ya yi amfani da fitilar, to ba ta mai tsohuwar waƙar ba ce.

Malam ya ce gaskiyarta, fitilar ba tasa ba ce. Har ya ƙara mata hujja da shari'ar da wani mawaƙi, Vincent Peters, ya kai Kanye West a kan "Stronger". Waƙoƙin biyu suna da suna ɗaya, dukansu sun jingina da maganar masanin falsafa Nietzsche cewa abin da bai kashe mutum ba yana ƙara masa ƙarfi, amsa-amonsu ya yi kama, har sunan mace ɗaya suka ambata. Kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce a 2012 wannan bai kai kwafa ba, domin kayan da suka haɗa su na kowa ne, kuma kowannensu ya yi nasa gini da su. Sai ya ce ta duba abin da ta tattaro, ta nuna masa guda ɗaya da ya bi fitila da buɗaɗɗiyar hanya, ya bi hanya da iska, ya kashe hasken a ɗango na huɗu, ya rufe da ƙin daina jira. Babu. A cikin duk abin da ta samo, waƙa biyu ne kawai suka yi wannan jerin: tsohuwar da tata.

Saura hanyar izini. Ta yi tunanin ta rubuta sunan marubucin farko a ƙarƙashin waƙar a wuce wurin. Aka bayyana mata cewa ambaton suna ladabi ne, ba izini ba ne. Haƙƙi yana hawa kan aiki ba tare da sai an yi rajista ba a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886, kuma yana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, a ƙasashe da yawa 70. Waƙar shekara goma sha biyar tana tsakiyar kariyarta. In ana son amfani da amshin, sai mai haƙƙin ya amince a rubuce, kuma yawanci da kason da zai riƙa samu. Hanya ce halastacciya, mawaƙa da yawa suna binta. Ta aika saƙo ga kamfanin da ke riƙe da waƙar, mako biyu ba amsa. Shiru ba amincewa ba ne, don haka nan ma aka tsaya. Ita kanta ta fara ja da baya, domin ta ce ba ta son waƙar yayanta ta fito da rabin sunan wani a kai.

Mako na shida: tambayoyi

A wannan zaman Malam ya hana ta taɓa biro. Ya kife takardar amsoshin, ya ce kada ta sake sauraron tsohuwar waƙar har a gama, domin kowane sauraro yana ƙara zurfafa ramin da take ƙoƙarin fita. Sai ya tambaye ta: "'Yata, kin taɓa bar wa yayanki fitila a kunne?"

Ta yi dariya ta ce a'a.

"Taga fa?"

"A'a, Malam."

"To me kika bari?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce akwai takalminsa, baƙi, wanda ya bari a bayan ƙofa ranar da zai tafi domin ya matse shi. Shekaru ba wanda ya ɗauke shi, ana share gefensa a mayar. Bara ƙaninsu, wanda yake ɗan yaro lokacin tafiyar, ya zura ƙafa ya ga ya yi masa daidai, yanzu shi ke sa shi. Malam ya tambaye ta yadda ta ji ranar da ta fara ganin takalmin a ƙafar yaron. Ta ce abin da ya dame ta shi ne ba ta ji komai ba. Ta ƙara da cewa kwanan baya wani ya ambaci sunan yayan a gabanta, ta ci gaba da abin da take yi, sai daga baya ta lura ko kai ba ta ɗaga ba.

Malam ya ce, "Ashe ba jira kike yi ba."

Nan aka gano inda matsalar ta samo tushe. Amshin farko yana cewa ban bar jira ba, alhali abin da ke cinta shi ne ta bari, kuma tana jin kunyar hakan. Da ta zo rubuta amshi, wurin da ya kamata ta faɗi wannan magana mai wuya, sai ƙwaƙwalwa ta miƙo mata gamammen abu mai daɗin rerawa wanda ya yi kusa da batun. Wannan ne ya sa ya zo a zama ɗaya. (Marubuta da yawa sukan ɗauki saurin zuwan ɗango a matsayin alamar baiwa. Wani lokaci haka ne. Amma ɗangon da ya zo da karinsa a ɗinke, ba tare da an nema ba, ya cancanci a rera wa mutum biyu ko uku kafin a saba da shi.)

Aikin da ya ba ta mai sauƙin faɗa ne. Ta rubuta shafi guda na zube, ba amsa-amo, ba kari, a kan abin da ta gaya masa. Daga shafin ta fitar da jimloli huɗu na maganar baka, irin waɗanda ta yi wa tsohuwar waƙar, ta tabbata ba ɗaya da ta yi daidai da waɗancan. Sai bayan nan ta nemi kalmomin waƙa. Ya kafa mata sharuɗɗa biyu: kada ɗango ya ƙare da "o", kuma kada ta fara da "Na". Jimlolin da ta kawo su ne: abin da ya bari yana nan, wani ya gaje shi, na daina zabura da sunansa, ina neman gafararsa. Bayan kwana huɗu amshin ya fito:

Takalminka na nan a bayan ƙofa,
Ƙaninka ya girma, ya fara sa shi,
Jiya an kira sunanka ban waiwaya ba,
Ka yafe mini, yaya, na saba da rashi.

Mako na bakwai da na takwas: sake gwaji

Aka mayar da shi kan ma'aunan da aka yi amfani da su tun farko. Kalma mai nauyi ɗaya ce ta haɗa shi da tsohon amshin, wato "ƙofa". Marubuciyar, wadda yanzu ta zama mai ɗari-ɗari, ta so ta cire ta, ta ce a mayar da takalmin ƙarƙashin gado. Malam ya nuna mata cewa "gado" zai dawo da "o" ɗin da ake gudu, kuma a bayan ƙofa takalmin yake a gaskiya. Ƙofar tsohuwar waƙar a buɗe take, gayyata ce. Wannan kuwa wurin ajiya ce kawai. Aka bar ta. Haka aka bar "ban waiwaya ba", duk da ya yi zubi ɗaya da "ban daina jira ba", domin haka harshe ke kore aiki, ba wanda ya ƙirƙiro shi.

Amsa-amo ya koma ɗango na biyu da na huɗu, "shi" da "rashi". Tsawon ɗangogi ya zama 11, 11, 13, 13, kuma juyin ya matso ɗango na uku maimakon na huɗu. Da aka gwada ɗora shi a kan karin tsohuwar waƙar, ya ƙi hawa: "Takalminka" ya cushe a wurin da "Na bar" yake shimfiɗe, ɗango na uku kuma ya yi wa karin yawa. Ya ƙi hawa karin da ita ta yi wa amshinta na farko ma, wanda ya nuna cewa wancan karin shi ma ya jingina da tsohon fiye da yadda aka lura. Dole mai haɗa kiɗan ya sake sashen amshi gaba ɗaya, aikin da ya ci mako guda.

Aka samo wasu mutum biyar, ba na farkon ba, domin waɗancan sun riga sun san abin da ake nema. Ba wanda ya kawo tsohuwar waƙar, a karance ko a rere. Ɗaya ya ce ta tuna masa da wata waƙa daban a kan uwa da ɗanta. Aka nemo ta aka jera su a takarda, ba abin da suka haɗa sai jigon rabuwa.

Sabon amshin ya tilasta gyara a baitoci. Karin maganar gari zai waye, wadda a da marubuciyar ke faɗa da bakinta, ta daina dacewa da mai cewa ta saba da rashi. Ba a cire ta ba, aka mayar da ita bakin mahaifiyarsu a baiti na biyu, ita ce har yanzu take faɗa, 'yar tana ji tana shiru. An ɗauki murya a ƙarshen mako na takwas, wato mako shida bayan ranar da aka sa da farko.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina amshin farko ya yi kusa ƙwarai, kuma ba kalma 20 cikin 30 ne suka sa na ce haka ba. Ko da babu su, zaɓi huɗu a jere, da wurin juyi, da karyawar amsa-amo, da tsawon ɗango duk sun zo ɗaya, kuma a amshi, wurin da mai sauraro ke riƙe waƙa da shi. Kowane ɗaya cikinsu shi kaɗai kayan kowa ne. Haɗuwarsu a tsari ɗaya ita ce aikin marubucin farko. Amshi na biyu ya fi na farko haɗari ta wata fuska, domin na farko ana iya yarda cewa rashin sani ne, na biyu kuwa an yi shi ne bayan an sani, kuma duk wanda ya jera su zai ga sawun ɓoyewa.

Cikin ma'aunan da aka yi amfani da su, na maganar baka ya fi kowanne amfani, ƙirgen kalmomi ya fi kowanne yaudara. Ƙirge ya wanke amshi na biyu, alhali mutum huɗu cikin biyar sun gane shi. Binciken intanet yana kama kalmomin da suka zo iri ɗaya ne kawai, ba ya ganin jerin tunani, kuma waƙoƙi da yawa ba a taɓa rubuta baitocinsu a ko'ina ba. Gwajin masu sauraro shi ma yana da iyaka: mutum biyar ba sa wakiltar duniya, kuma abin da suka sani kaɗai za su iya ganewa. Yana iya tabbatar da cewa an rabu da waƙar da ake zargi, ba ya iya tabbatar da cewa babu wata ta uku da ba wanda ya ji a cikinsu.

Ban ɗauki hanyar izini a matsayin gazawa ba. Da marubuciyar ta so gaisar da tsohuwar waƙar ne a fili, ta yadda mai sauraro zai gane ya ji daɗin ganewar, to izini a rubuce da rabon kaso shi ne daidai, kuma sake rubutu zai ɓata manufar. A nan ba haka ba ne, tsohuwar waƙar ta shigo ne ta tare wurin wata magana. Duk wannan awon kuma na marubuta ne, ba hukuncin kotu ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, alƙalai ma sukan saɓa a kan waƙa ɗaya, don haka inda waƙa ta riga ta fita ko takardar ƙorafi ta iso, aikin ya koma hannun lauyan da ya san haƙƙin mallaka. Malam ya sa ta adana duka rubuce-rubucen uku da kwanan watansu, har da shafin zuben da amshin ƙarshe ya fito daga ciki, domin in wata rana aka tambayi inda takalmin ya samo asali, akwai takardar da za a nuna.